Shafin da Ban Buɗe wa Kawu Ba

A shekarun da aka gama dam ɗin Bakolori ina koyar da ilmin tattalin arziki a wata sakandare a Talata Mafara, kuma gaskiya a lokacin kaina ya fi hulata girma. Ni kaɗai ke da digiri a danginmu. Ko rediyo ce ta faɗi abin da ba a gane ba, sai a ce a bari Malam ya zo. Ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba, ko sau ɗaya.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mutumin wajen Maradun ne. Ruwan dam ya ci gonar gadonsu, aka yi ta kai da komo kafin diyya ta fito. Da ta fito bai yi aure da ita ba, bai sayi rediyo mai kaset ba kamar wasu. Ya sayi tsohuwar tifa yana jigilar yashi, sauran ya zuba a shanu ya ba wani abokinsa Bafulatani kiwo a Gidan Goga. Gona ta tafi, tifa da shanun nan su ne suka tsaya a madadinta.

Wata Talata, ranar kasuwa, ya same ni a gida bayan azahar tare da abokansa biyu. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gajiya da ta ruwa, sannan ya fito da wata takarda daga aljihu. Gwamnatin jiha ta ba shi kwangilar gina azuzuwa a wani ƙauye kusa da Kaya. Babu kafin alƙalami, sai ya gama a duba aiki a biya shi. In zai yi, dole shanun su tafi kasuwa, tifar kuma ya jinginar da ita ga mai siminti.

Ya ce, "Malam, ni ban san boko ba. An ce gwamnati bashi ya yi mata yawa. Kai ka karatun abin nan. In na yi aikin ga, a biya ni?"

Na ji daɗin tambayar, Allah Ya gafarta mini. Ina da kundin kasafin kuɗin jiha na shekarar, wanda nake koyar da ɗalibai da shi. Na ɗauko shi da wani irin taku, na buɗe jadawalin bashi. Gida biyu ne. Na farko bashin cikin gida, wato wanda aka ci a bankunanmu da naira. Na biyu bashin waje, wanda aka ciwo daga ƙetare, an rubuta shi da dala. A lokacin dala ba ta fi naira ba, har ma ba ta kai ta ba, don haka na haɗa gidajen biyu kai tsaye ba tare da wani tunani ba. Na koma shafin farko na ɗauki jimlar kuɗin shiga na shekara, na raba bashin da ita a bayan ambulan. Abin da ya fito bai tayar mini da hankali ba.

Na ce, "Kawu, wannan shi ake kira auna bashi da kuɗin shiga. Duk abin da ake bin gwamnati, na gida da na waje, bai fi abin da za ta samu a shekara ɗaya ba. Manomin da bashinsa bai wuce amfanin damina guda ba, ai ba matsiyaci ba ne."

Abokansa suka gyaɗa kai, ɗaya ya ce karatu ya yi rana. Kawu dai bai gyaɗa ba. Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa.

Ya ce, "Ni ba yawan bashi nika tambaya ba. Mu in za mu ba mutum rancen hatsi, ba mu tambaya taiki nawa aka bin shi. Muna tambaya, ranar sussuka wa ka tsayawa bakin masussuka da buhu kahin iyalinai su auna? To, gwamnati in kuɗɗin wata sun zo, wa ka hwara ɗiba?"

Dariya na yi. Wannan dariyar ita ce ta fi ci mini rai har yau. Na ce masa gwamnati ba masussuka ba ce. Amsar tambayarsa tana shafi na gaba, inda aka jera abin da za a biya a shekara na kuɗin ruwa da na uwar kuɗi. Na san shafin yana nan, yatsana ma yana kan kusurwarsa. Amma na riga na yanke hukunci a gaban baƙi, an yaba mini, ban so in buɗe abin da zai sa in ce a dakata. Na rufe kundin na ce ya je ya yi aikinsa.

Ya yi aikin kuwa, mai kyau. Na je na gani da idona, bulo zubin siminti sosai, kwano sabo. Aka duba, aka sa hannu, aka ba shi takardar shaidar kammalawa. Daga nan sai jira. Wata uku, wata shida, shekara. Farashin mai ya faɗi a duniya, daga baya naira ta karye. Mai siminti ya ɗauke tifa. Kawu ya koma yana karɓar aron fegi, ɗan yankin gona, a filin noman rani na wajen Bakura, yana noman tumatir a ƙasar wani, da shekarunsa.

Na rasa sukuni, sai na ɗauki kundin nan na tafi wurin wani tsohon akanta da ya yi ritaya daga baitulmali, yana zaune a bayan kasuwa. Mutum ne mai tsiwa, ba ya raga wa kowa. Na nuna masa lissafina na bayan ambulan, don na adana shi. Ya duba ya ce rabawar daidai take, ɗan aji uku ma zai iya, abin da na raba ne shirme.

Ya fara da kuɗin shiga. Ya ce abin da na ɗauka ƙiyasi ne, fata ne aka rubuta a farkon shekara. Wanda ake auna bashi da shi shi ne kuɗin da suka shigo hannu da gaske, kuma a shekarun nan sun gaza ƙiyasin nesa ba kusa ba. Sannan ya buga yatsa a gidan bashin waje. Ya ce bashin banki na gida da naira aka ci, da naira za a biya, ko da ruwansa ya fi tsada. Na waje kuwa ruwansa kan yi sauƙi, amma da dala ake biyansa. Ranar da naira ta faɗi, ko sisi ba a ƙara ciwowa ba, bashin ya kumbura a lissafin naira, kuɗin ruwansa ma haka.

Sai ya juya shafin da ban juya ba. Ya zuba gyaɗa goma a kan tabarma, ya ce misali ne kawai, in ɗauka kason wata ne daga asusun tarayya. Ya janye wasu gefe ya ce na bashin waje ne, tun a can sama ake cire su, ba sa ma isowa. Ya janye wasu ya ce na bankuna ne, suna da takardar izinin cira kai tsaye. Ya janye na albashi. Abin da ya rage bai cika tafin jariri ba.

Ya ce, "Ga abin da kawunka da ire-irenai ka layi a kai. Yawan bashi daban, abin da shika ci duk wata daban. Kai da kake malami, ba ka raba kuɗɗin ruwa da na uwa da kuɗɗin shiga ba? Wanga shi na awon da ka gaya ma ko akwai saura."

Na ninke ambulan ɗina na mayar aljihu. Ya kwashe gyaɗarsa ya watsa a baki, bai ko yi mini tayi ba.

Na so in gaya wa Kawu. Sau da yawa na hau babur da niyyar haka, in na isa sai mu yi ta zancen tsutsar tumatir da rabon ruwan kwatar ban-ruwa. Bai taɓa tayar da maganar ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo. In baƙo ya zo, yakan nuna ni ya ce ga ɗan yayata, shi ne mai karatun kuɗin gwamnati. Ban taɓa gane ko da gaske yake ko da biyu ba.

Bayan wasu shekaru sabon kundi ya zo hannuna. A ƙarƙashin bashin cikin gida an ƙara layi, bashin 'yan kwangila da ba a biya ba. Na kai masa, ban san me nake nema ba, wataƙila ya ga dai ba a manta da shi ba. Ya ce in aza masa yatsa a wurin, na aza. Ya tambaya ko nasa yana da ruwa kamar na banki. Na ce babu. Ya tambaya ko yana da ranar biya kamar na waje. Na ce babu. Ya ce ashe dai shi ma ya ranta wa gwamnati, sai dai shi ba ya bakin masussuka. Ya faɗa ne ba da ɗaci ba, yana ɓare goro. A nan ya kamata in ce Kawu, ka tambaye ni daidai, amsar tana gabana na ƙi buɗewa. Sai na ce Allah Ya sa a biya. Ya ce amin.

Ya rasu ba a biya ba. Da aka zo rabon gado, babu abin kirki sai gida da keke da awaki kaɗan, da wata jakar leda. A cikinta takardar kwangila ce da ta shaidar kammalawa, ya naɗe su da kyau, ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba. Malamin da ke rabon ya juya takardun ya ce haƙƙi ne na mamaci, in ya fito na magada ne, amma yana so ya san ko abin sa rai ne. Babbar 'yar Kawu, wadda take riƙe da marayunta uku, ta ce daga bayan labule a tambayi Yaya Malam, ai Baba ya ce shi ya san abin. Duk zauren ya juyo gare ni, kamar dai waccan Talatar.

Na ce, "Ban sani ba."

Kalma uku ce, ba ta fi ƙarfin bakina ba ashe. Da na faɗe ta a wancan karon, da yanzu shanu ake raba wa 'ya'yan Kawu.