Rabin Karin Maganar Inna

Bayan rasuwar Inna, na zauna a ɗakinta a Ƙofar 'Yandaka ina mayar da dogon labarin rayuwarta, wanda na naɗa a kaset, zuwa Turanci, saboda jikokinta na Ingila ba sa jin Hausa.

Inna ba ta ƙarasa karin magana. Sai ta ce, "Ranar wanka," ta yi shiru, kai ka cike da "ba a ɓoyon cibi." Turanci ba shi da irin wannan, yaran kuma ba su san ƙarashen ba. Dole na riƙa cikewa ina ƙara bayani, shafi bayan shafi.

Da babbar jikar ta karanta, ta bugo mini waya tana dariya: "Gwaggo, ashe Kaka surutu gare ta."

Matar da kalma biyu ke isar ta.