Azumi Talatin da Uku na Bappa

A shekarar da na gama jami'a na kama aiki a Maiduguri, hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas, bappana, ƙanen mahaifina, ya ajiye aiki. Shi ne mai awon gyaɗa da auduga a wani kamfanin Turawa da ke bakin kogi a Jimeta, inda jiragen ruwa kan tsaya da damina. Na zo hutu gida Yola, ya aiko a kira ni in lissafa masa garatuti, wato kuɗin sallama.

Na same shi a zaure yana gyaran kekensa. Har yau ina jin ƙamshin man gyaɗan nan da ya kama rigunansa, wanda wanki bai taɓa fitarwa ba.

"Malam mai digiri," in ji shi, "ni na gama lissafina, so nake kawai ka sa albarka. Kamfani na ba da albashin wata ɗaya a kan kowace shekara. Shekarata talatin da uku, ina karɓar fam goma sha huɗu. Nawa ke nan?"

Na ce ɗari huɗu da sittin da biyu. Ya yi dariya, ya ce haka ya samu. A kan wannan lissafin ya riga ya yi wa wani manomi alkawarin sayen fadamarsa a bakin tafkin Njuwa fam ɗari huɗu da hamsin, a gaban shaidu. Tun ina yaro nake jin yana cewa a can zai ƙarasa rayuwarsa, yana noman shinkafa.

Ni kuwa mutum ne mai yawan ɗari-ɗari. Na ce, "Bappa, mai yiwuwa haka ne, amma bari mu tambaya."

Washegari muka je ofishin. Akawun, wani Kirista mutumin kudancin Adamawa, tsohon abokin wasan Bappa ne. Ya gaya mana ƙa'ida: tsurar albashin watan ƙarshe ake ɗauka, ban da alawus, a ninka da cikakkun shekarun aiki, ba a lissafa guntun watanni. Tsurar albashin Bappa fam goma sha biyu ne. Sauran biyun na keke ne da na aikin bayan lokaci. Shekaru kuma talatin da biyu ne da 'yan watanni.

Maganar alawus Bappa ya haɗiye ta, ko da yake ba daɗi. Ta shekaru ce ya ƙi.

"Kai akawu, ka ci mini shekara guda ina kallonka? Azumi talatin da uku na yi a kan sikelin nan, ina ɗaga buhu da ƙishirwa, kai kana shan shayi!"

"Shayin ma wa ke sace mini sukari bayan an sha ruwa?" in ji akawu.

A nan na gane inda gizo ke saƙar. Bappa da azumi yake ƙirga shekarunsa, kamfani kuwa da kalandar Bature. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, a shekara talatin da biyu ratar ta taru ta zama shekara guda. Na sake lissafin sau uku a zuciyata kafin in buɗe baki, kuma ko da na buɗe, da "ina jin" da "wataƙila" na cika shi. Bappa ya ce, "Ɗana, faɗi magana ɗaya." Na ce ɗari uku da tamanin da huɗu.

Ya dubi akawu ya ce, "Ashe Bature ya sha mini azumi ɗaya. To wa zai rama?" Akawu ya yi dariya, amma bai iya ɗago kai ba.

A hanya na ce ko zan nemi rance a wurin aiki in cika masa. Ya ce yaron da bai gama ɗinka wandon ofis ba ba zai saya masa gona ba. Da la'asar muka nufi Njuwa, yana tura keken, ina biye. Ya gaya wa mai fadama gaskiya ba kwana-kwana. Mutumin ya yi ta jan gemu, suka koma Fulatanci, suka daɗe. Ƙarshe ya yarda ya karɓi abin da ya samu, amma ya yanke gefen da ke jikin ruwa ya riƙe, kuma nan ne ya fi ko'ina kyau.

Bappa ya tuɓe takalmi ya zagaye abin da ya rage masa. Ya sunkuya ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce za ta yi shinkafa, sai dai zai riƙa roƙon ruwa wurin maƙwabci.