Shafin Sama'ila

Mainasara akawu ne a kantin siminti da kwano na Alhaji Kabo, kusa da tashar motar Daura. Shekara goma sha ɗaya yana zaune kan kujera ɗaya, da biro biyu a aljihu, shuɗi da ja. Ba shi da yawan magana. 'Yan kasuwa kan ce ko gaisuwa sai ya lissafa kafin ya amsa.

Zamanin kuɗin mai ne, duk wanda ya mallaki jakar hannu da takalmi sau-ciki ya zama ɗan kwangila. Yayansa Sama'ila, wanda ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya sayar da shanunsa ya shiga sahu. Ya karɓi aikin azuzuwa huɗu a wajen Mai'aduwa daga hannun wani babban ɗan kwangila, ya ɗebi kayan naira dubu biyu da ɗari huɗu bashi a kantin. Gini ya tashi, babban ɗan kwangilar ya karɓi kuɗi ya yi layar zana.

Ƙarshen 1976, da Mainasara ya zo rufe littattafai, ya daɗe yana kallon shafin yayansa. Ya san gidan, ya san tukunyar da ake ɗorawa a cikinsa. Sai ya ware dubu biyu da ɗari huɗun cif a matsayin tanadin bashin da ake shakkar fitowarsa. Ribar shekara ta sauko daga dubu goma sha takwas zuwa dubu goma sha biyar da ɗari shida.

Alhaji Kabo ya gani ya yi tsalle ya dire.

"Malam Mainasara, yafe wa ɗan'uwanka ka yi da dukiyata?"

"A'a, Alhaji. Bashi na nan, shafinsa a buɗe yake, za mu ci gaba da bi. Riba ce kawai ba za mu ƙirga da kuɗin da ba mu da tabbacin gani ba. In ya biya, su dawo cikin riba."

"To a bi shi."

Aka kuwa bi shi. Kowane ƙarshen wata Mainasara ne ke rubuta takardar tuni, ya sa hannu, ya kai da kansa. Sama'ila yakan karɓa, ya ninke, ya tura ƙarƙashin tabarma, ya ce, "Auta, ka ci abinci?" Wata goma sha ɗaya haka. Da farko abin na cin Mainasara, daga baya ya daina jin komai, ya zama kamar zuwa masallaci da dawowa.

Sama'ila ya rasu wata Laraba, bayan jinyar kwana shida. Kafin a sallace shi liman zai yi tambayar da aka saba, ko akwai mai bin mamaci bashi. Mainasara bai yi kuka ba. Abu ɗaya ne a ransa, kada a sa yayansa a rami da nauyin wani a wuya. Ya ja Alhaji Kabo gefe, gindin darbejiya.

"Alhaji, ka yafe masa."

"Allah ya jiƙansa, Malam. Amma bana kasuwa ta yi sanyi. In cire dubu biyu da ɗari huɗu daga riba, me zan ce wa abokan jarina na Kano?"

"Ba abin da za a cire. An riga an cire bara, ka yi faɗan ka gama. Yau soke shafin kawai za a yi, tanadin ya shanye shi. Da ba mu yi tanadi ba ne ribar bana za ta ɗauki asarar duka."

"Ko kwabo ba za ta ragu ba?"

"Ko kwabo."

Alhaji ya gyara zaman hularsa. Da liman ya yi tambaya, sai Alhaji ya ɗaga murya yadda har sahun baya za su ji, ya ce ya yafe duniya da lahira. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Har yau akwai tsofaffin da ke ba da labarin wannan karamci, kuma ba ƙarya suke yi ba, ya yafe ɗin.

Bayan sadakar uku Mainasara ya koma kanti. Ya buɗe shafin, ya rubuta an soke, ya rage adadin daga tanadi, ya ja layi biyu da jan biro. Sannan, don sabo, ya sake haɗa lissafin riba daga sama har ƙasa, sau biyu. Daidai take da yadda take ranar Talata, lokacin da Sama'ila ke da rai.

Ya zauna yana kallon takardar tunin wannan watan, wadda ya riga ya rubuta ya sa wa hannu. Ba ya jin baƙin ciki, ba ya jin sauƙi. Ya ninke ta kamar yadda yayansa ke yi, ya sa a aljihu, don kantin ba tabarma.