Alwalar Kawu da Ruwan Salansa

Kawuna na Zinyau, can ƙasar Rano, ba ya jin magana har ƙarshe, da rabinta yake tashi. Ƙanwata tana ajin ƙarshe a fannin injiniyanci, ta ari injin ban-ruwansa don aikin kammala karatu, ta gyara shi ya koma shan iskar haidurojin maimakon fetur. Ta ce masa idan wannan iska ta ƙone ta haɗu da oksijin, ruwa take bayarwa, babu baƙin hayaƙi. Nan Kawu ya daina saurare.

Kafin sati ya zagayo ya gaya wa amininsa, wani Bafulatani makiyayi a Fassi ta ƙasar Kibiya, cewa da ruwan salansa zai yi alwala a gabansa. Tun suna samari suke musu, babu wanda ya taɓa cewa an kayar da shi. Ni aka sa na ɗauko injin da tukunyar gas a bayan a-kori-kura, ina ta jin haushi, don na san Kawu.

A gindin wata tsamiya a Fassi, jama'a sun taru, ƙanwata ta tayar da injin. Ta ja bututu daga salansa ta cikin bokitin ruwan sanyi, tururin ya riƙa komawa ɗigo yana sauka a kofi. Jama'a suka yi kabbara. Kawu ya naɗe hannun riga yana duban amininsa.

Limamin unguwar ya ce a dakata, ruwan alwala sai an duba launi da ƙanshi da ɗanɗano. Ya sunsuna, ya ɗan taɓa a harshe, ya tofar.

"Alhaji, wannan da tsami. Ya jirkita."

Kawu ya juyo kan ƙanwata. "Ke! Ba ruwa kika ce ba?"

"Ruwa ne, Kawu, ban ƙarasa ba ka tafi. Injin iskar da muke shaƙa yake zuƙa, ita kuwa yawancinta naitirojin ce. Ba ruwanta da kowa, amma idan cikin inji ya yi zafi sosai sai ta haɗe da oksijin, su zama wata iska mai yaji da ke cutar da ƙirji. Ita ta narke a ruwan. Abin da nake aunawa ke nan."

"Ashe injin naka iska gare shi," in ji Bafulatanin. "A kai shi a yi masa ruƙiyya."

Dariya ta ɓarke. Kawu ya ce iskar Kibiya ce ba ta da kyau, da a Rano ne da tuni ya idar da sallah. Ƙanwata ta buɗe baki za ta ce iska ɗaya ce ko'ina, na taka mata ƙafa. Tausayin Kawu ne ya kama ni.

Ana haka aka kira azahar. Kowa ya ɗauki butarsa, Kawu yana tsaye hannun riga a naɗe. Ashe da gangan ya bar tasa a gida. Ya daɗe yana kallon kofin nan, sannan ya ce wa amininsa, murya ƙasa-ƙasa, "Ardo, in ka gama, miƙo min taka."