Ranar da Na Ƙi Gaida Alhaji

Da na dawo Gumel daga karatun ba da shawara ga masu damuwa, aka ba ni wani ɗan ɗaki a bayan asibitinmu, kujera biyu da tebur. Murna kamar ta kashe ni. Kullum ni nake share shi da kaina, in gyara kujerun, in zauna ina leƙen ƙofa. Masu zuwa kuwa sai a hankali, don gari ya riga ya raɗa masa suna ɗakin masu taɓin hankali. Wanda aka ga ya shiga da safe, kafin la'asar labarinsa ya kai tasha.

Wata Litinin wani dattijo ya shigo, yana janye da ƙanensa. Ƙanen nan zan kira shi Alhaji, kuma da izininsa nake wannan rubutu. Direban babbar mota ne, yana kai shanu kudu daga Maigatari, ya kusa haifata. Wata biyu kafin nan motar ta kife da shi. Likita ya duba ya ce jiki lafiya lau, amma tun daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Mai motar ya ce in wata ya mutu bai hau ba, zai ba wani makulli.

Duk wannan daga bakin yayan na ji. Alhaji ya zauna a bakin kujera, fuskarsa na kallon ƙofa, carbi na gudu a hannunsa.

Na ce wa yayan, "Baba, Allah ya saka da alheri da ka kawo shi. Ka ɗan ba mu wuri, ga benci can a inuwa."

"Ai ni na san matsalarsa."

"Ka san wadda ka gani, Baba. Saura wadda shi ya sani."

Ya fita yana ƙunƙuni. Ga tambayoyi fal cikina. Na danne su, na ture takarda da biro gefe.

"Alhaji, na ga alama ba da son ranka ka zo ba."

Sai a lokacin ya dube ni. "Yaro, ni ba mahaukaci ba ne."

"Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Ni ma in aka jawo ni haka, ƙofa zan kalla. Ba a kulle take ba, duk sadda ka so ka tashi."

Na gaya masa abin da ya faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya. Yayansa ba zai ji daga bakina ba, balle mai mota. Togaciya ɗaya ce: in na ga ransa ko na wani na cikin haɗari, dole in nemi taimako, kuma shi zan fara gaya wa. Ban tambaye shi labarin hatsarin motar ba. Na ce, "Tunda ka riga ka zo, me kake so ka samu, don kada zuwan ya tashi a banza?"

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na bar shi, ban matsa masa ba. Can ya ce, "Barci. Kuma a daina yawo da ni."

Muka tsaya a kan waɗannan biyun, shi ya zaɓa ba ni ba. Da zai tashi ya yi tambayar da ke cinsa tun shigowarsa. "Kana zuwa kasuwar Maigatari?"

"Ina zuwa."

"To in ka gaishe ni gaban direbobi, an san aikinka. Wa zai ba mai taɓin hankali shanu?"

"Ba zan gaishe ka ba, Alhaji, sai in kai ka fara."

Ya yi dariyar raini. "Ɗan Musulmi ya wuce sa'an ubansa ba gaisuwa? Ba za ka iya ba."

Litinin ta zagayo, sai ga su. Na ji kamar in yi rawa. Ya zauna sosai a kujera, muka yi maganar shayin da yake sha da yamma da yadda yake hana barci, har ya koya mini yadda ake jera shanu a mota kada su danne juna. Na saurara da gaske, don ban sani ba. Can ya ce, "In na zauna a gaban mota, hannuna ne yake ƙin sitiyari."

Nan zumuɗi ya kwashe ni. Na ga abin da na karanta ya fito fili, baki kuwa shi ke yanka wuya. Na ce, "Wato tsoro ne!"

Carbin ya tsaya. "Shekara nawa ina bin hanyar nan kana goye? Ni za ka kira matsoraci?"

Ya miƙe. Na miƙe ni ma, kunya ta rufe ni. "Alhaji, na yi kuskure. Kai ka ce hannunka ke ƙi, ni na sa maka maganar da ba taka ba. Ka yafe ni. Litinin kujerarka na nan, in ka ga dama."

Ya juya ya fita. Kwana uku ina zagin kaina. Saura ƙasa da mako biyu a ba wani makullinsa, ni kuma na kore shi da kalma ɗaya.

Ranar Alhamis na je Maigatari sayen ragon suna, matata ta haihu. Kasuwa ta cika maƙil, ga mutanen Damagaram da raƙuma, ga dillalai na tafa hannu, ga babura na kutsawa. Ina janye da ragona ta wajen da ake lodi, sai na hango shi a kan benci tsakiyar direbobi. Muka haɗa ido. Hanya ɗaya ce, ta gabansa.

Wallahi gwiwata ta fara sauka da kanta. Ga tarbiyyar gida na tura ni, ga kuma son in sake ba shi haƙuri. "Barka da kasuwa" ta zo har bakina. Na haɗiye ta, na kau da kai, na hau yi wa rago faɗa, shi da bai yi mini komai ba. Ko sallamar da ake yi wa jama'a ban yi ba, don ina tsoron wani ya ɗago ya gane ni. Na wuce ina jin idonsa a ƙeyata, ina jin kaina marar kunya na ƙarshe.

Litinin tun da sassafe na share ɗaki sau biyu. Ƙarfe goma ta wuce. Na fara tattara takardu, sai na ji sallama. Alhaji ne, shi kaɗai, babu yaya. Na amsa da ƙarfin da ni kaina na ji kunya.

Ya zauna ya ƙare mini kallo. "Ka wuce ni kamar kututture."

"Haka muka yi da kai, Alhaji."

"Na gani. Na ga gwiwar taka ma." Ya yi murmushi, na farko da na taɓa gani a fuskarsa. "Ragon kuwa an cuce ka, ba shi da nama."

Muka yi dariya. Na ce, "Yau da me kake so mu fara? In na sake kaucewa, ka taka mini birki."

Ya tashi da kansa ya tura ƙofar da kullum yake bari a buɗe. Ya dawo ya ajiye carbi a kan tebur, ya juya tafin hannayensa yana kallo.

"Malam," ya ce, bai ce yaro ba. "Abin nan da ka faɗa rannan. Shi ne. Tsoro nake ji, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na gyara zama, na kama bakina.