Amsar da Na Ba Manajan Kamfanin Gyaɗa

Ana gab da samun mulkin kai, ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Da la'asar kuma sai in hau kekena in nufi unguwar Nasarawa, gidan wani Bature manajan kamfanin gyaɗa, in koya masa Hausa a ƙarƙashin darbejiya. Kawuna ne kukun gidan, shi ya samo mini wannan hanya.

A lokacin kamfanoni sun fara neman 'yan ƙasa su gaji kujerun Turawa. Ran nan masinja ya kawo mini takarda har makaranta: manajan ya ba ni aikin akawu a ofishinsu, da albashi mai tsoka, yana jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Na ji daɗi ƙwarai. Amma yaran ajina na shirin jarrabawar shiga makarantar gaba, kuma ni dai alli nake so.

Na sami kawu a kicin yana yanka albasa, na gaya masa. Ya ajiye wuƙar.

"Yaro, ana ce wa babba a'a? In ba ka so, ka yi shiru, zai gane."

"Kawu, in na yi shiru kujerar za ta zauna tana jirana, ga wasu na nema."

"To ni fa? A gidansa nake cin abinci."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Na zauna na cika shafi biyu da ban haƙuri da uzurori, na kai wa hedimastanmu ya duba. Ya karanta, ya yi dariya.

"Malam, ai ba laifi ka yi ba. Gode masa, faɗi matsayinka, ka tsaya."

Na sake rubutawa, gajeriya. Na gode masa da ya ga na cancanta. Na ce bayan dogon tunani ba zan karɓi aikin ba, domin na ƙudurta zama a koyarwa. Na yi wa kamfanin fatan alheri, na ce ina fata darasinmu zai ci gaba. Na sa hannu, na kai ofishinsa tun wa'adin bai matso ba.

Ranar darasi na shiga gidan. Kawu ya leƙo ta taga. Manajan ya fito, ya miƙo mini hannu, ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Malam, na yi rashi, amma na gode da ka faɗa da wuri. Ka san wani mai hannu irin naka?"

Na ambaci wani abokin karatuna da ke zaman jiran aiki a Kawaji. Suka gwada shi, suka ɗauke shi.

Da muka tashi, kawu ya raka ni har bakin ƙofa da ƙunshin soyayyen nama, ya ce in kai wa hedimasta rabi, don na gaya masa shi ya ba ni shawara. A shekarar, yaran ajina da dama suka wuce makarantar gaba, har da 'yan mata.