Tallan Maganin Basir

Laifina ne, gara in faɗa tun daga farko. Wata rana a shagona na atamfa da ke unguwar Adjamé Liberté na nemi maganin basir a kwamfuta. Daga ranar tallansa ya maƙale mini. Duk shafin da na buɗe sai ga shi, har a gaban surukina. Maƙwabcin shagona ya ce wasu abubuwa ne da ake kira kukis suke bin sawun mutum. Na shiga saitin burauza na toshe su gaba ɗaya, tallan ya ɓace, na manta da zancen.

Bayan wata biyu 'yata ta fari ta zo yin rajistar jarrabawar shiga makarantar ungozoma, wadda za a rufe ranar Juma'a da sha biyun rana. Shekara guda tana karatu dominta. An sace wayarta a bas ɗin haya da muke kira gbaka, tawa kuwa rakani-kashi ce, don haka sai kwamfutar shago.

Ta rubuta sunanta da kalmar sirri, ta danna. Shafin ya ɗan yi tunani, ya maido ta wurin rubuta suna. Ta sake, ya sake. Haka muka wuni ranar Alhamis.

Ni dai ban iya ganin abu ya lalace ban samo mai laifi ba. Na ce, "Kin manta kalmar ne. Kanki yana wajen kitso."

Ta ce, "Baba, ban manta ba."

Na sa ta canza kalmar sau uku. Da ta ce mu je cyber, wato shagon intanet, na ce ba za a ce ina da kwamfuta 'yata tana bin layi ba.

Sai safiyar Juma'a na sauko. Muka ɗauki kwamfutar zuwa unguwar Treichville wurin wata mata mai gyara, cunkoson kan gada ya cinye mana safiyar. Matar ta gwada sau ɗaya, sannan ta rubuta kalmar banza da gangan. Jan rubutu ya fito.

Ta ce, "Ka gani, Alhaji? In kalmar ba daidai ba ce, shafin faɗa yake yi. Ta 'yarka daidai ce. Yana karɓarta ya miƙa mata shaidar shiga, kamar tikitin mota, kwamfutarka ta ƙi riƙewa. A shafi na gaba sai ya ga baƙuwa, ya mayar da ita ƙofa. Wa ya toshe kukis a nan?"

Na tsaya kallon fankar silin.

Ta buɗe su, shafin ya shiga nan take. Sha biyu ta wuce da minti ashirin, an rufe sai baɗi.

A woro-woro, tasin da muka shiga za mu koma, 'yata ba ta yi kuka ba, wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da muka kusa unguwar Williamsville ta ce, "Baba, ka dai ji ban manta ba."

Na ce na ji.

Bayan kwanaki tallan basir ya dawo. Yana nan har yau, ban sake taɓa shi ba.